Littafin aiki: taswirar lidar a dogon korido mai santsin bango

4 ga Maris

Kayan gwajin su ne 'yar mota mai tuƙa kanta, mai taya biyu da aka rubuta wa faɗin milimita 150, kowace da na'urar ƙirga juyi, sai IMU, wato na'urar auna juyi da hanzari, sai lidar, na'urar auna nisa da hasken laser, mai auna shimfiɗa ɗaya da aka kafa santimita 20 daga ƙasa. Lidar ɗin yana zagaye goma a daƙiƙa, kowane zagaye yana ba da ɗigo 720, wato ɗigo ɗaya a kowane rabin digiri. Iyakar ganinsa mita 12, kuskuren awonsa kusan santimita 2. Wurin gwaji korido ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 2, an auna shi da tef, bangonsa biyu a shafe ba ƙofa ba ginshiƙi. Kowane ƙarshensa bango ne, da ƙofar gefe da ke shiga ɗaki mai tebura da kabad.

Abin da SLAM ke yi shi ne warware tambaya biyu a lokaci guda: ina motar take, kuma yaya wurin yake. Lidar kansa bai san ko ɗaya ba. Nisa da kusurwa kawai yake bayarwa, daga inda yake tsaye a wannan lokacin. Lissafin taya ne ke fara cewa an matsa gaba kaza, an juya kaza. Daga nan sai a ɗauki sabon zagaye a ɗora shi a kan na baya, a ɗan goce shi gaba, baya, gefe, a ɗan murɗa, har a sami inda ɗigogin suka fi zama daidai a kan juna. Wannan matsayin shi ake ajiyewa a matsayin tasha, a ɗaure ta da tashar da ta gabata da igiyar lissafi mai ɗauke da abu biyu: tazarar da aka samu, da yawan shakkar da ke cikinta. Taswirar da ake gani a allo daga waɗannan tashoshin ake zana ta. An yanka ƙasa gida-gida kamar na dara, kowane gida santimita 5. Gidan da haske ya ratsa ya wuce ana ƙara masa alamar fili, wanda hasken ya tsaya a cikinsa ana ƙara masa alamar bango. Wannan tsarin gidaje ya samo asali ne daga aikin Moravec da Elfes na 1985.

Saboda haka taswira ba ta da gaskiyar kanta. In tashoshin sun goce, bangon da aka zana zai bi su ya goce.

Muna aiki da ROS 2, tsarin manhajar sarrafa robot, da `slam_toolbox`, manhajar SLAM da ke aiki a kansa, wanda ke ajiye sabuwar tasha duk rabin mita bisa saitinsa na asali. Kowace tafiya ana naɗe ta domin a maimaita gwaji a kan bayanai iri ɗaya:

```
ros2 bag record /scan /odom /imu /tf /tf_static
```

7 ga Maris

Ɗakunan biyu sun fito tsaf. Bango gida ɗaya ko biyu a kauri, kusurwoyi a miƙe. Dalilin mai sauƙi ne: a ɗaki akwai fuskoki da ke kallon kowane ɓangare, don haka duk inda aka goce zagayen ba daidai ba, wasu ɗigogi za su bar bangonsu, makin daidaito ya faɗi.

Abu ɗaya aka gyara. Lidar ba ya ɗaukar zagaye a ƙiftawa ɗaya, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yake ci. A gudun rabin mita a daƙiƙa motar ta matsa santimita 5 tsakanin ɗigon farko da na ƙarshe, gida guda ke nan, ana iya haƙuri da shi. Juyi ne mai ɓarna: digiri 60 a daƙiƙa na nufin digiri 6 a zagaye ɗaya, kuma a nisan mita 5 wannan ya haura rabin mita. An rage saurin juyi zuwa digiri 20 a daƙiƙa lokacin zana taswira.

12 ga Maris

Gwajin korido na farko an yi shi da gangan ba tare da lissafin taya ba, domin a ga abin da lidar shi kaɗai zai iya. Mun yi amfani da ƙaramin ICP da muka rubuta, irin na Besl da McKay na 1992, wanda ke haɗa kowane ɗigo da ɗigon da ya fi kusa da shi a zagayen baya. Koridon mita 60 ya fito mita 47. Faɗinsa kuwa daidai, mita 2, bangon a miƙe, ba ninki. Wanda bai auna da tef ba zai ce taswirar ta yi kyau.

A allo ana ganin abin yana faruwa. Motar na tafiya a ƙasa da gudu ɗaya, amma a tsakiyar koridon hotonta yana jan ƙafa, wani lokaci ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Da bangon ƙarshe ya shigo ganin lidar sai tafiyar ta koma daidai.

Abin da ya fi damun mu shi ne dawowa. An juya motar ta koma ta koridon nan, ta isa ɗakin farko, kuma taswirar ta haɗu da kanta da ɗan gibi kaɗan. Abin da aka rasa a zuwa kusan shi aka rasa a dawowa, sai suka cinye juna. Haɗuwar taswira a ƙarshen zuwa da dawowa ba shaida ba ce cewa tsawon daidai ne. Tef ne kawai shaida, ko wata hanyar dabam da ta zagayo.

14 ga Maris

Yau lissafi ne, domin a san ko matsalar ta manhaja ce ko ta siffar wurin.

Mota a tsakiyar korido, bango mita 1 a dama, mita 1 a hagu. Hasken da ya fita a kusurwa θ daga layin koridon yana taɓa bango a nisan `1/sin θ`. Kafin wannan ya sauko mita 12, sai θ ta kai kusan digiri 4.8. Ke nan haske 19 na gaba da 19 na baya ba sa dawo da komai, saura kusan 680 duk a kan bangon gefe suke sauka. Muddin ƙarshen koridon ya fi mita 12 nisa ta gaba da ta baya, abin da lidar ke gani layi biyu ne masu tafiya tare. A nan wannan yanki mita 36 ne, daga mita 12 zuwa mita 48.

Don a ga abin da layi biyun ke iya tabbatarwa, ya fi kyau a auna nisan ɗigo daga layin bango maimakon daga wani ɗigo. Idan n ita ce alkiblar da bango ke fuskanta a wurin ɗigo p, gudummawar ɗigon ga gaba x, gefe y da juyi θ ita ce:

```
J_i = [ n_x,  n_y,  p_x*n_y - p_y*n_x ]
H   = sum(J_i^T J_i)
```

A bangon gefe `n_x` sifili ce, `n_y` kuma 1 ko -1. Don haka gefe yana da shaidu 680. Juyi ma yana da ƙarfi, domin ɗigogin nesa suna da babbar `p_x`, ko ɗan murɗawa zai fitar da su daga layi. Gaba kuwa ba shi da shaida ko ɗaya. A goce zagayen santimita 1 ko mita 1 a tsawon koridon, kuskuren da ake ragewa ba ya motsi. Ba wani saiti da zai samar da bayanin da awon bai ƙunsa ba. Haka abin yake a ramin jirgin ƙasa da cikin bututu ko da lidar mai ganin sama da ƙasa ne, domin rufi da daɓe su ma ba sa fuskantar gaba.

Saura tambayar me ya sa kuskuren ke karkata ga raguwa, bai warwatsu gaba da baya daidai ba. Amsar tana cikin yadda ɗigogin ke zuba a bango. Kusa da motar tazararsu ba ta kai santimita 1 ba. A nisan mita 10 ta kai santimita 87. Rabin duk ɗigogin zagaye suna cikin mita ɗaya gaba da mita ɗaya baya na motar. Wannan tsari na cunkoso a tsakiya da warwatsuwa a nesa yana tafiya tare da motar, kowane zagaye kamar kwafin na baya ne. Mai haɗa ɗigo da ɗigo yana samun mafi kyawun maki idan ya ɗora kwafi a kan kwafi, wato idan ya ce motar ba ta motsa ba. Ɗigogin nesa su suka fi ja, saboda kowannensu shi kaɗai ne a yankinsa. Haɗa ɗigo da layi, irin wanda Censi ya fitar a 2008, yana kawar da yawancin wannan ja, amma abin da yake bari fili ne shimfiɗaɗɗe, inda hayaniyar awo ke zaɓar amsa. Ya daina cewa an tsaya, amma bai san nawa aka tafi ba.

Ƙaramin son kai ma, wato kuskuren da kullum ke karkata ɓangare ɗaya, ya isa. Tasha 72 ne a mita 36. Ragin santimita 2 a kowacce ya tara kusan mita ɗaya da rabi.

Da bangon ƙarshe ya shigo, haske 19 ɗin nan na gaba sun sami abin taɓawa mai fuskantar motar. Da kuskuren santimita 2 a kowanne, shakkar gaba ta sauko kusan rabin santimita. Ɗigo 19 cikin 720 sun wadatar. Abin lura ba yawan ɗigogi ba ne, ina suke fuskanta.

19 ga Maris

An ƙara ma'aunin gane makanta. Ana tara `n n^T` na duk ɗigogi, a sami teburi biyu sau biyu, a ciro eigenvalue ɗinsa guda biyu, λ, masu nuna ƙarfin shaida a ɓangaren da ya fi ƙarfi da wanda ya fi rauni. Ƙaramar λ kusan ita ce adadin ɗigogin da ke fuskantar ɓangaren da ya fi rauni, shi ya sa take da sauƙin fassara. Mun bar juyi a waje da gangan, domin ma'auninsa dabam ne da na mita, haɗa su yana sa iyakar da za a zaɓa ta rasa ma'ana.

Inda aiki yake shi ne ƙiyasta n. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki maƙwabta biyar a ja musu layi. Kusa da motar maƙwabta biyar ba su cika santimita 4 ba, kuskuren awo kuma santimita 2, sai layin ya karkata da digiri talatin ko fiye. Bangon gefe sai ya riƙa nuna kamar yana fuskantar gaba, λ ta hau gommai a tsakiyar koridon da babu komai. Maganin shi ne a ɗauki duk maƙwabtan da ke cikin taga mai tsawon santimita 30, a koma ga biyar kawai a nesa inda tagar ba ta cika. Da haka karkatar ta tsaya wajen digiri 3, wanda a ɗigo 680 ke ba da λ kusan 2. Wannan ne ƙasan hayaniya. A ɗaki λ tana cikin ɗaruruwa, a gaban bangon ƙarshe tana farawa daga kusan 19. Iyakar shiga makanta mun sa ta 8, ta fita 12, don kada ta riƙa tsalle a bakin layi.

Ma'aunin ya tona wani abu da ya shafi duk mai zana taswira da hannu. Idan mai riƙe da makullin tuƙi yana bin motar a baya da tazarar mita ɗaya da rabi, kowace ƙafarsa tana ɗaukar ɗigo tara. Ƙafafun nan su kaɗai ne abin da ke fuskantar tsawon koridon, kuma tazararsu da motar ba ta canzawa. λ ta haye iyaka, ma'aunin ya ce akwai shaida, shaidar kuma tana cewa motar a tsaye take. Wannan ya fi makanta muni, domin tsarin yana kuskure da cikakken yaƙini. Yanzu ana tuƙi daga nisan da ya wuce mita 12, ko a yanke kusurwar baya daga zagayen kafin ya shiga lissafi.

25 ga Maris

A mita 36 ɗin makanta dole wani ma'auni ya karɓi aikin. An duba biyu.

IMU ba ta iya ba. Ma'aunin juyinta yana da amfani, amma juyi dama lidar ya riƙe shi. Ma'aunin hanzari kuwa a tafiyar gudu ɗaya ba ya jin komai sai son kansa. Ko da son kan 0.01 m/s² ne kawai, mita 36 a rabin mita a daƙiƙa daƙiƙa 72 ne, kuma `0.5 * 0.01 * 72^2` ya kusa mita 26.

Taya ta iya, amma sai an daidaita ta. An shimfiɗa tef mita 10 a kan daɓen koridon, an tuƙa motar da cikakken nauyinta, lissafin taya ya ce 10.10. Robar tana lotsewa a ƙarƙashin nauyi, faɗin aiki ya zama milimita 148.5 maimakon 150. Kashi ɗaya cikin ɗari ne, santimita 36 a yankin makanta. Dole a yi awon a kan irin daɓen da za a yi aiki, da irin kayan da za a ɗauka, kuma tashi da tsayawa su zama a hankali don kada taya ta zame.

Yadda ake haɗa su ya fi komai muhimmanci. Kashe daidaita zagaye gaba ɗaya a korido asara ce, domin taya ba ta riƙe juyi, kuma digiri 1 a mita 60 ya fi mita ɗaya a gefe. Abin da ake so shi ne lidar ya ci gaba da gyara gefe da juyi, a hana shi taɓa tsawo kawai. Wannan ita ce dabarar da Zhang, Kaess da Singh suka bayyana a 2016. A namu tsarin layuka kaɗan ne, inda `dt` shi ne gyaran da lidar ke so ya yi wa hasashen taya:

```python
lam, V = np.linalg.eigh(n.T @ n)
if lam[0] < 8:
    v = V[:, 0]
    dt = dt - v * (v @ dt)
```

Sakamakon wannan shi ake miƙa wa `slam_toolbox` a matsayin hasashen farko. Shi ma yana da nasa daidaitawar, wadda ke bincike a taga mai faɗin rabin mita tana rage maki ga duk matsayin da ya yi nisa da hasashen. Rage `distance_variance_penalty` daga 0.5 yana tsananta wannan ragin. Sai dai ragin bai san gaba da gefe ba, duka yake matsewa, don haka ba a matse shi sosai sai hasashen da ke shigowa ya riga ya zama abin dogaro. Da duka biyun, koridon ya fito mita 60.1 a bayanan 12 ga Maris.

2 ga Afrilu

An faɗaɗa tafiyar ta zagaya ta korido na biyu da ke ɗaya gefen ginin, mai tsawo iri ɗaya amma da ƙofofi 16 a jere, kowacce mita 3.6 daga 'yar'uwarta, a lotse santimita 10 cikin bango.

Lotsawar ba ta ba da shaida mai yawa ba. Daga nisan mita 3 gefen ƙofa yana ɗaukar digiri 1.7, ɗigo uku ke nan, daga mita 6 ɗaya ko biyu. Idan ƙofofi da yawa suna gani a lokaci guda jimillar takan ɗan haye iyaka, tafiya daga tasha zuwa tasha kuma ta yi daidai. Matsalar a rufe kewaye take.

Rufe kewaye shi ne lokacin da tsarin ya gane ya dawo wurin da ya taɓa zuwa, ya ƙulla sabuwar igiya tsakanin tashar yanzu da tsohuwa, sannan ya sake jera duk tashoshin yadda igiyoyin za su fi yarda da juna. Kuskuren da ya taru ana raba shi bisa shakkar kowace igiya. Igiyar korido da ta faɗi gaskiya cewa ba ta da tabbas a tsawo ita za ta sha gyaran, yadda ya kamata. Idan ta nuna tabbacin da ba ta da shi, gyaran zai watsu zuwa ɗakunan da suke daidai, kusurwoyinsu su buɗe, bangonsu ya ninka.

Saituna biyu ne suka shafe mu. `loop_search_maximum_distance` mita 3 ne: in kuskure ya wuce haka, tsohuwar tashar ba za ta ma shiga cikin waɗanda za a gwada ba, kewayen ba zai rufu ba. `loop_search_space_dimension` kuma mita 8 ne, wato mita 4 kowane ɓangare, kuma a wannan tagar ƙofofi uku ne ke iya amsa sunan ƙofa ɗaya: ta gaskiya, ta gabanta da ta bayanta. A zagaye na biyu ta koridon ƙofofi an sami ƙulli da ya goce da ƙofa guda. Alamarsa a fili take. Taswira ta yi tsalle lokaci ɗaya, bangon ƙarshe ya zama biyu da tazarar da ta yi daidai da ta ƙofofi. Tunda yanzu kuskuren da ke taruwa bai kai mita ɗaya ba, an rage tagar zuwa 3.0, mita ɗaya da rabi kowane ɓangare, ƙasa da rabin tazarar ƙofofi. A ganinmu kewayen da bai rufu ba ya fi wanda ya rufu a gurbin da ba nasa ba, domin na farko ana iya ƙulla shi daga baya, na biyu kuwa yana lalata abin da yake daidai.

9 ga Afrilu

Gwajin alamomi a korido mai santsi. Akwati mai fuska santimita 40 yana ɗaukar ɗigo biyar zuwa shida daga mita 8. Wuri mafi rauni shi ne daidai gefen akwati, inda fuskarsa ba ta ganuwa, sai na gaba da na baya kawai. Don jimillarsu ta wuce 8 tazarar ba za ta wuce mita 9 ba. An ajiye shida, a mita 10, 18, 27, 34, 43 da 50, dama da hagu bi da bi don kada su tare juna, kuma tazarar ba iri ɗaya ba don kada a maimaita matsalar ƙofofi. λ ba ta sauka ƙasa da iyaka ba a duk tsawon, kuma tsawon ya yi daidai da tef cikin gida ɗaya ko biyu.

Akwatunan taswira kawai suke gyarawa. Da an kwashe su, motar da ke neman kanta a cikin taswirar da aka gama za ta koma ga taya a mita 36 ɗin nan, shakkarta tana miƙewa a tsawon koridon har sai bangon ƙarshe ya bayyana. Ga wucewa kawai wannan ya isa. Ga tsayawa a wani takamaiman wuri a tsakiya bai isa ba, sai an kafa alama ta dindindin: tef mai maido haske in lidar yana ba da ƙarfin dawowar haske, ko alamar AprilTag, zanen baƙi da fari da kyamara ke ganewa. Lidar mai ganin mita 30 zai rage yankin makanta a wannan koridon zuwa kusan babu, amma a wannan nisan bangon ƙarshe digiri 3.8 ne kawai, ɗigo bakwai ko takwas a rabin digiri, daidai bakin iyaka.

Abin da ya rage a buɗe shi ne mutane masu tafiya. Ma'aunin λ har yanzu yana ƙirga ƙafar mai wucewa a matsayin shaida. Aikin mako mai zuwa shi ne tace ɗigogi kafin su shiga lissafin: duk tarin ɗigon da ya sauka a gidajen da taswira ta riga ta tabbatar fili ne za a ware shi, sannan a maimaita bayanan 19 ga Maris a ga ko λ za ta koma kusa da 2 duk da ƙafafun da ke bin motar.